Yadda Ake Kwashe Lambobin Waya Zuwa Sabuwar Waya Ba Tare Da An Baro Rabi A Baya Ba

 

Yau maganar lambobin waya za mu yi, wato yadda mutum zai kwashe sunaye da lambobin da ke cikin tsohuwar wayarsa ya zuba su a sabuwa ta hanyar fayil guda ɗaya. Na san wani zai ce ai wannan ba abin da za a zauna a yi shiri a kai ba ne, Gmail kawai za ka sa, komai ya dawo. Gaskiya ne, idan tun farko a Gmail ɗin kake ajiyewa. Amma ku duba wayoyin iyayenmu da yayyenmu 'yan kasuwa. Yawancinsu a shagon da aka sayi wayar aka buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrin ba, kuma lambobinsu a warwatse suke wuri uku ko huɗu. Irin wannan mutumin, ranar da ya canza waya, za ka ji yana cewa "lambobina sun gudu". Ba gudu suka yi ba, suna nan inda aka baro su.

To bari mu fara daga nan, domin shi ne tushen duk matsalar. Idan ka buɗe jerin sunayen wayarka, kana ganin jeri ɗaya ne daga sama har ƙasa. Amma wayar haɗa maka su kawai ta yi don sauƙin dubawa. A ƙarƙashi, akwai waɗanda ke kwance a kan sim na farko, akwai na sim na biyu, akwai waɗanda ke cikin cikin wayar ita kanta, akwai kuma waɗanda ke cikin akawun ɗin Google. Kamar mutum ne mai hatsi a rumbu huɗu, in an tambaye shi sai ya faɗi jimilla, amma ranar tashi daga gidan dole a buɗe kowane rumbu daban. Na Google suna bin ka duk wayar da ka sa akawun ɗin. Na sim suna bin sim ɗin. Na cikin waya kuwa ba sa bin kowa, in wayar ta faɗa rijiya sun tafi da ita.

Sim kuma wurin ajiya ne mai ƙunci. Yawancin waɗanda muke amfani da su ba sa ɗaukar fiye da suna 250. Kowane suna lamba ɗaya yake riƙewa, kuma in sunan ya yi tsawo sai ya datse shi. Ka rubuta "Alhaji Sani mai taki Roni", ka mayar da shi kan sim, sai ka tarar da "Alhaji Sani ma". In kana da Alhaji Sani uku, ka shiga uku. Sannan ku riƙe wannan: idan sim ya ɓata ka je aka yi maka sabo da lambarka ta da, layin ne ya dawo, sabon katin fanko yake zuwa. Amma idan rufe layin aka yi, kamar yadda aka yi ta yi wa mutane a kan haɗa layi da lambar NIN, sunayen suna nan a jikin katin, sa shi a waya za ka gan su. Kada ka yar da sim don an rufe shi sai ka kwashe abin da ke kai.

Yanzu shi fayil ɗin da muke magana, mene ne shi? Sunan tsarin vCard, kuma za ka gane shi da ƙarshen sunansa, .vcf. Ba sabon abu ba ne. Sigarsa ta 2.1 tun 1996 take, ta 3.0 ta fito a 1998, ta 4.0 kuma a 2011. Saboda daɗewarsa ne kusan kowace waya take gane shi, daga Android zuwa iPhone har da yawa daga cikin ƙananan wayoyin nan da muke kira rakani kashi. Kuma ba wani abin sihiri ba ne a ciki, rubutu ne zalla. In ka buɗe shi a kwamfuta da Notepad, kowane mutum ɗaya haka yake fitowa:

```
BEGIN:VCARD
VERSION:2.1
N:Gwiwa;Musa;;;
FN:Musa Gwiwa
TEL;CELL:+2348030000000
END:VCARD
```

Sunan da lambar na misali ne, kada wani ya kira. Layin farko yana cewa ga mutum ya fara, na ƙarshe yana cewa ya ƙare. FN shi ne sunan da za ka gani a fuskar waya, TEL kuma lambarsa. In mutumin yana da lamba uku, layin TEL uku za ka gani. Mutum dubu, wannan tubalin sau dubu a jere. Shi ya sa fayil ɗin ba shi da nauyi, in babu hotuna a jikin sunayen, lambobi dubu ba sa kai nauyin hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka.

Yadda ake fitar da shi ya danganta da manhajar da ke wayar. In Contacts ta Google ce, akwai wani sashe a ƙasa da ake kira Fix & manage, a sababbin sigogi kuma Organize, a ciki za ka ga Export to file. Za ta tambaye ka daga ina za ta kwaso, ka zaɓa, sannan ta tambaye ka inda za ta ajiye, yawanci a Downloads. A Samsung, cikin Manage contacts ake samun wurin shigarwa da fitarwa. A Tecno, Infinix da itel, ka shiga saitin manhajar sunaye ka nemi Import/Export. Sunayen suna ɗan sauyawa daga waya zuwa waya, amma kalmomi biyu ne ba sa canzawa: Export shi ne fitarwa, Import shi ne shigarwa. Idan fayil ya fita, sai ka tura shi sabuwar waya ta Bluetooth, ko Xender, ko ka sa a mimori ka ciro. Duk waɗannan ba sa cin data ko kwabo, ba sa ma buƙatar sabis, don haka ko kana ƙauyen da sai an hau tudu ake samun layi, aikin zai yiwu. A sabuwar wayar sai ka nemi Import from file, ka nuna mata fayil ɗin, ta tambaye ka ina za ta zuba. A nan ni shawarata kullum ita ce akawun ɗin Google wanda mai wayar ya san kalmar sirrinsa. In ka zuba a cikin waya, ka sake gina matsalar da kake gudu ke nan.

Wannan shi ne aikin in komai ya tafi daidai. Bari in ba ku labarin inda bai tafi daidai ba, domin a nan darasin lissafin yake.

Ina da kawu a Babura, ɗan kasuwa ne, yana sayen riɗi da zoɓo lokacin kaka. Kun san Babura bakin iyaka ce, don haka mutanensa rabi a nan suke, rabi a tsallake, wajen Magarya da Damagaram. Wayarsa ta tsage, rabin gilashin ya daina jin taɓi, sai ya sayi sabuwa. Ɗansa ya zauna ya yi masa abin da na faɗa yanzu: ya fitar da fayil, ya tura ta Xender, ya sa Gmail ɗin da ke tsohuwar a sabuwar, ya mayar da sim biyun, ya shigar da fayil. Tsohuwar waya tana nuna suna 1,140. Sabuwa ta nuna 1,076. Yaron ya ce, "Baba, 64 ne kawai ba su zo ba, ƙila tsofaffi ne marasa amfani." Aka bar maganar.

Bayan kwana biyu Kawu ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, zo ka duba mini wayar nan. Mutanen da nake nema ba na ganinsu, waɗanda ba na nema kuma biyu-biyu suke fitowa." Akwai direban da zai ɗauko masa kaya, akwai mutum biyu da ya ba kuɗin awo tun kafin kaka, duk ya nemi sunansu babu. Kuma irin wannan kuɗin ba takarda ake rubutawa ba, lambar wayar mutum ita ce igiyar da ke tsakaninku.

Da na je, ban taɓa sabuwar ba tukuna. Tsohuwar na ɗauka, muka mayar mata da sim ɗinta, na shiga wurin da ake zaɓar waɗanne sunaye za a nuna, a wayoyi da yawa Contacts to display ake ce masa, na duba kowane rumbu shi kaɗai. Sim na farko 250, ya cika maƙil. Sim na biyu 96. Cikin waya 512. Google 282. In ka tara, 1,140 ne cif.

Sai na ƙirga abin da ke cikin fayil ɗin. Tunda kowane mutum da BEGIN:VCARD yake farawa, ƙirga wannan layin shi ne ƙirga mutane. A kwamfuta mai Windows, ka buɗe Command Prompt a foldar da fayil ɗin yake ka rubuta:

```
find /c "BEGIN:VCARD" contacts.vcf
```

Ya ba mu 794. To 794 daga ina? 512 na cikin waya da 282 na Google. Ma'ana wayar ba ta sa na sim ko ɗaya a cikin fayil ba, kuma haka wayoyi da yawa suke yi, sai ka fara kwafo na sim zuwa cikin waya kafin su shiga. To ta yaya sabuwar ta nuna 1,076? Da aka sa Gmail, mutum 282 suka sauko da kansu. Da aka shigar da fayil, 794 suka hau kansu, a ciki har da waɗancan 282 ɗin karo na biyu. 794 da 282, ga 1,076 nan. Na sim kuwa suna kwance a jikin katin, sabuwar wayar ba ta nuna su ba sai an ce mata ta shigo da su.

Kun ga yadda lissafin ya yaudari yaron. A ido mutum 64 ne suka ɓata. A gaskiya mutum 346 ne babu, wasu 282 kuma sun zama tagwaye suka cike gurbin. Kuma waɗanda ke kan sim su ne tsofaffin abokan huldarsa, waɗanda ya ajiye tun yana riƙe ƙaramar waya, wato su ne ma suka fi muhimmanci. Shi ya sa nake cewa jimilla ita kaɗai ba shaida ba ce. Kafin ka taɓa komai, ɗauki biro ka rubuta adadin kowane rumbu. Bayan ka fitar da fayil, ka tabbatar adadinsa ya yi daidai da rumbunan da ka zaɓa. In babu kwamfuta kusa, ka duba adadin sabuwar waya kafin shigarwa da bayan shigarwa, bambancin shi ne abin da fayil ya kawo. Wani lokaci za ka ga ɗan saɓani na mutum biyar ko goma, domin waya tana haɗe suna iri ɗaya ta nuna su a matsayin mutum guda. Wannan ba abin damuwa ba ne. Amma in saɓanin ya yi daidai da adadin wani rumbu, to ka san wanda aka manta.

Gyaran bai kai minti talatin ba. Muka mayar da sim biyun sabuwar waya, muka shigo da na kansu zuwa akawun ɗin Google, adadi ya tashi 1,422. Sai muka shiga Merge & fix, wanda ke nemo masu suna ɗaya ko lamba ɗaya ya ba ka shawarar haɗe su. Tagwayen nan 282 ba su da gardama, komai nasu iri ɗaya ne. Amma ban danna a haɗe duka a lokaci ɗaya ba, kuma ku ma kada ku yi. A ƙasarmu suna ɗaya ba mutum ɗaya ba ne. Kawu yana da "Malam Ibrahim" har huɗu, ɗaya limami, ɗaya mai gyaran mota, biyu manoma. In ka bari na'ura ta haɗe su, za ka samu Malam Ibrahim guda mai lamba huɗu, ka kira mai gyaran mota liman ya ɗauka. Sai muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina karantowa yana cewa wannan shi ne, wannan ba shi ba ne. Bayan tagwayen, mun sami wasu 53 da ya ajiye sau biyu da kansa, sau ɗaya a sim da guntun suna, sau ɗaya a waya da cikakke. Muka tsaya a 1,087. In ma hannu ya kuɓuce, Google yana da Undo changes da ke mayar da jerin yadda yake a kowane lokaci cikin kwana 30 da suka wuce, abin da ka goge kuma yana zama a Trash na kwana 30. Wannan na akawun ɗin Google ne kawai, na cikin waya ba lalle su sami wannan gatan ba.

Da a ce daga farko za a yi aikin, hanyar da ta fi tsafta ita ce: a tsohuwar waya a kwafo na sim zuwa cikin waya, a fitar da na cikin waya kaɗai, wato 858, a bar na Google su zo da ƙafarsu. 858 da 282, ka dawo 1,140 ba tagwaye. Sai dai in ba a san kalmar sirrin tsohon Gmail ɗin ba. A nan kam fitar da duka za ka yi har da na Google, ka buɗe sabon akawun, ka zuba a ciki. Wannan ma shi ne babban amfanin fayil a wurina: matuƙar tsohuwar wayar tana kunnuwa, za ka iya ceto lambobin da ke cikin akawun ɗin da ba ka iya shiga.

Akwai abu biyu da suka shafe mu mu na wannan yankin musamman. Na farko lambobin Nijar. Fayil ba ya gyara lamba, yadda ka rubuta ta haka zai kai ta. Lambar Najeriya alƙaluma 11 ce mai farawa da sifili, ta Nijar kuma alƙaluma 8 ce. A sim na biyu na Kawu akwai lambobi da dama masu alƙaluma 8 tsirara, ya ajiye su lokacin da ya tsallaka yana amfani da layin can. Daga layin Najeriya ba za su shiga ba sai an sa +227 a gaba, kuma WhatsApp ma ba za ta gane mutumin ba sai da shi. Haka na gida, in kana yawan tsallakawa, gara ka ajiye su da +234 ka cire sifilin farko, ta haka duk inda kake za su yi aiki. Lokacin canza waya shi ne lokacin da ya fi dacewa a yi wannan gyaran, tunda dama kana bin jerin.

Na biyu haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Mu matasa da muka sa allon rubutun Hausa a waya muna rubuta Ɗanladi da Ɗ ɗinsa, kuma daidai ne. To wayoyin Android da yawa, in suna fitar da siga ta 2.1, ba sa rubuta harafin kai tsaye, sai su mayar da shi lambobi. In ka buɗe fayil za ka ga haka:

```
FN;CHARSET=UTF-8;ENCODING=QUOTED-PRINTABLE:=C6=8A=61=6E=6C=61=64=69
```

Kada ka tsorata, ba lalacewa ya yi ba. =C6=8A shi ne Ɗ, sauran kuma a, n, l, a, d, i. Wayar da ta san aikinta za ta mayar da shi Ɗanladi. Matsalar tana zuwa ne idan mai karɓa bai gane tsarin ba, kamar wasu ƙananan wayoyi ko tsohuwar manhajar kwamfuta. A nan za ka ga sunan ya koma ÆŠanladi, ko alamar tambaya, ko ɗan akwati a wurin harafin. Lambar tana nan lafiya, sunan ne ya gurɓata, kuma illar ita ce in ka nemi sunan ba zai fito ba, sai ka ɗauka mutumin ya ɓata. Haka sunayen da aka rubuta da ajami ko Larabci. Don haka bayan shigarwa, nemi suna biyu ko uku da ka san suna da irin waɗannan haruffa ka gani. In ƙaramar waya za ka zuba wa, ni dai gara ka haƙura ka rubuta mata da d da k na boko zalla.

Tunda na ambaci ƙaramar waya, da yawa masu ɗaukar mimori suna da wurin fitar da sunaye zuwa mimorin, wasu kuma ta Bluetooth suke turawa. Abin dubawa shi ne ƙarshen sunan fayil ɗin. In .vcf ne, Android za ta karɓa. In wani abu ne daban, to ajiyar wayar ce ta kanta, irinta kawai ke iya karantawa. In ya gagara, sai a yi jigila da sim: a kwafa 250 a kai, a sauke a babbar waya, a goge na sim ɗin, a dawo a ɗebi saura, tare da sanin cewa dogayen sunaye za su datse. Masu iPhone kuma, in ka tura fayil ɗin ka buɗe shi a wayar, za ta ba ka zaɓin ƙara dukkan sunayen. Shafin iCloud ne yakan yi gardama da siga ta 2.1. In ya ƙi, shigar da fayil ɗin a Google Contacts ta kwamfuta, ka sake fitar da shi a matsayin vCard, zai fito a siga ta 3.0 wadda iCloud ke karɓa. Fita daga iPhone ma ya yi sauƙi tun iOS 16 na 2022: a cikin Contacts ka shiga Lists, ka danne All Contacts, za ka ga Export.

Wani abu kuma da fayil ba ya ɗauka. Tun ƙarshen 2024 WhatsApp ta ba da damar ajiye lamba a cikinta kaɗai ba tare da ta shiga jerin wayar ba. Irin waɗannan ba sa fitowa a .vcf, suna bin akawun ɗin WhatsApp ne. Tarihin kira da saƙonni ma ba sa ciki.

Yanzu bari in juyo kan 'yan ƙungiya, domin mu ne muka fi faɗawa wannan ramin. A ce kun yi rajistar matasa daga mazaɓun Roni da Gwiwa, sakatare ya zuba suna da lamba a Excel, ana so lambobin su shiga wayar mai tura saƙo. Ba sai an zauna ana dannawa ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai nau'in fayil na biyu, CSV, wanda shi ma rubutu ne, kowane layi mutum ɗaya, waƙafi yana raba suna da lamba. Waya ba ta cika karɓar CSV kai tsaye ba, amma Google Contacts ta kwamfuta tana karɓa, daga nan su sauko wayar. Dabarar ita ce ka fara fitar da mutum ɗaya a matsayin Google CSV don ka ga kanun da suke so a layin farko, sai ka jera naka a ƙarƙashinsu.

Ramin shi ne Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin lambar lissafi. Ka rubuta 08030000000, sai ya cinye sifilin farko ya bar maka alƙaluma 10. Ka rubuta da +234, sai ya cire alamar tarawa ya nuna maka wani abu kamar 2.34803E+12. In ka yi ajiya a CSV yana a haka, abin da yake nunawa shi zai rubuta, sauran alƙaluman sun tafi, kuma babu dabarar da za ta dawo da su daga CSV ɗin sai an koma ainihin fayil ɗin Excel ko takardar rajista. Maganin shi ne tun kafin a fara rubutawa, a zaɓi gurbin lambobin gaba ɗaya a mayar da shi Text. Wajen ajiya kuma a zaɓi CSV UTF-8 saboda ƙ da ɗ su tsira. Kafin ka shigar, buɗe fayil ɗin da Notepad ka kalli layi biyar na farko da idonka. Kada ka sake danna shi ya buɗe a Excel don dubawa, zai sake cinye sifilin. Wani daɗin shigarwa ta kwamfuta shi ne Google yana yi wa duk waɗanda suka shigo tare laƙabi ɗaya mai ɗauke da ranar, don haka in abin ya fito a karkace za ka iya zaɓar su duka ka goge ka sake, ba tare da ka taɓa lambobinka na gida ba.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi damuna. Fayil ɗin nan ba shi da makulli. Duk wanda ya same shi ya sami sunan matarka, ƙannenka mata, abokan kasuwancinka, da duk bayanin da ka rubuta a jikin sunayensu. Masu damfarar nan da ke kira su ce ɗan'uwanka ya yi haɗari a turo kuɗi, abin da suke nema ke nan, su san wa ke da alaƙa da wa. Kuma lambobin ba naka ba ne kai kaɗai, amanar mutane ce. Ga ƙungiyoyi ma abin ya wuce kunya, tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma jerin sunaye da lambobin mambobi yana cikin abin da ta shafa. Don haka in a shagon kwamfuta aka yi maka aikin, tsaya a kai har a goge fayil ɗin, a kuma share shi daga Recycle Bin. Kada ka tura shi ta WhatsApp in kana da wata hanya, yatsa ɗaya ne tsakaninka da jefa shi a guruf. In sakataren ƙungiya ya sauka zai miƙa wa sabo, lambobin mambobi kaɗai zai fitar, ba duk jerin wayarsa ba, a Google Contacts ta kwamfuta ana iya zaɓar laƙabi ɗaya a fitar da shi shi kaɗai.

Ita kuma tsohuwar wayar, kada ka yi gaggawar sayar da ita ko ba wa ƙani. Riƙe ta mako ɗaya ko biyu, har sai ka nemi mutanen da kake kira yau da kullum ka same su, musamman tsofaffin. Bayan nan ka goge fayil ɗin daga Downloads da foldar Xender a wayoyin biyu, ka cire akawun ɗin Google daga tsohuwar, sannan ka yi mata Factory reset. In kana son ajiye kwafi ɗaya don ɓacin rana, sa shi a mimorin da ba ya cikin waya, ka rubuta ranar a sunan fayil ɗin, ka ajiye inda kake ajiye takardunka.

A nan za mu tsaya yau. Wanda ya gwada ya ga lissafinsa bai haɗu ba, ya turo mana adadin kowane rumbu da irin wayarsa, adadin kawai, ban da fayil ɗin, za mu duba tare a shiri na gaba in Allah ya kai mu.